Awon Labule da Rigar Kushin: Lissafin da Ake Yi Kafin a Je Kasuwa

Tambayar da aka fi yi wa telan labule ita ce, "Malam, yadi nawa zai ishi taga biyu?" Telan da ya san aikinsa ba ya gaggawar ba da amsa, sai ya mayar da tambaya: "Hajiya, yadin da za ki saya faɗinsa inci nawa ne, kuma an riga an kafa ƙarfen labulen?" Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin jan rai, alhali amsar gaba ɗaya tana cikin waɗannan abubuwa biyu. Tagogin da yadi bakwai da rabi zai rufe, su ne dai za su ci yadi goma sha bakwai idan aka sauya irin yadin. Wanda bai san haka ba, ko dai ya sayo abin da bai isa ba ya koma kasuwa ya tarar bandir ɗin ya ƙare, ko ya sayo fiye da buƙata kuɗinsa su kwanta a ƙyallaye.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen labule da rigar kushin kima ba ta wadatarwa, domin inci ɗaya tak yana iya ƙara wa mutum yadi da yawa. Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne: tef ɗin awo, takarda da biro, da sanin cewa yadi ɗaya inci 36 ne.

Don maganar ta zauna, mu ɗauki falo guda mu bi shi daga farko har ƙarshe, irin falon da ake yi wa amarya jere ko ake sabuntawa kafin Sallah. Yana da taga biyu, kowace faɗinta inci 48, tsayinta inci 48. Akwai kuma setin kujerun katako masu kushin da ake cirewa: mai zaman mutum uku, mai zaman mutum biyu, da guda biyu masu zaman mutum ɗaya.

Ƙarfe ake aunawa, ba taga ba

Labule a jikin ƙarfe yake rataye, saboda haka awonsa daga ƙarfen yake farawa. Shi ya sa ya fi kyau a kira mai kafawa ya gama aikinsa kafin a sayi yadi. Ana so ƙarfen ya wuce tagar da kamar inci 6 ta kowane gefe, domin idan aka yaye labule ya taru a jikin bango ya bar haske da iska su shigo, idan aka rufe kuma kada a bar kafar leƙe ta gefe. A falonmu ƙarfen ya zama inci 48 da 6 da 6, wato inci 60.

Sai tsayi. Tagar tana farawa inci 36 daga ƙasa, ta ƙare a inci 84, an kuma kafa ƙarfen inci 6 sama da ita, don haka daga ƙarfe zuwa daɓe inci 90 ne. A nan a auna wuri uku, hagu da tsakiya da dama, domin daɓen gidaje da yawa ba ya tafiya daidai, a yi aiki da awon da ya fi gajarta. Labulen da ke jan ƙasa shi ke kwasar ƙurar hunturu da ruwan goge daɓe, bakinsa ya yi baƙi tun sama na nan sabo. Don haka a rage inci ɗaya, ya koma 89. Idan labulen mai zobba ne, irin wanda ƙarfe ke ratsawa ta cikin zobban, kimanin inci ɗaya na yadin yana tsayawa a saman ƙarfe, sai a mayar da shi. Tsayin labulen idan an gama ɗinki ya zama inci 90.

Wannan inci 90 ba shi ne abin da almakashi zai yanka ba. Sama tana buƙatar inci 4 da za a naɗe a dasa zobba a kai. Ƙasa tana buƙatar kalmasa mai inci 4 ninki biyu, wato inci 8, wadda ke ba labule nauyin da zai sauka a miƙe, ta kuma zama ajiya idan wata rana aka so sake shi ya ƙara tsayi. Tsayin yanka ya zama inci 102. A riƙe waɗannan lambobi biyu daban, awon gamawa 90 da awon yanka 102, domin rikita su ne tushen yawancin saɓanin da ake yi da teloli.

Faɗi kuma ba a yin sa daidai da ƙarfe. Labulen da faɗinsa ya yi daidai da ƙarfensa a baje yake tsayawa kamar zanen gado da aka shanya a igiya. Abin da ke ba shi kyau shi ne tattarar da yake yi, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka tsayin ƙarfe sau biyu. Yadi mai kauri yana iya wucewa da ɗaya da rabi, shara-shara kuwa sai an kai shi biyu da rabi ko uku kafin ya rufe ciki. Mu a nan sau biyu za mu yi: 60 sau 2, inci 120. Za a raba labulen falle biyu, kowane falle yana da gefe biyu, kowane gefe zai ci inci 2 na kalmasa, jimla inci 8. Kowace taga tana neman yadi mai faɗin inci 128 da tsayin inci 102.

Faɗin yadi shi ke yanke yawan da za a saya

Duk wanda ya shiga layin 'yan labule a Kantin Kwari a Kano, ko makamancinsa a wasu garuruwan, zai ga yadi iri-iri a kan bandir, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. Akwai mai faɗin gaske wanda ya kai kimanin inci 110, akwai mai inci 60 da mai inci 54, atamfa kuma yawanci kimanin inci 45 zuwa 46 ce. Kafin a tambayi farashi, a sa mai shago ya ɗora tef a faɗin a gani da ido.

Mai inci 110 an yi shi ne don a kwantar da shi, faɗinsa ya zama tsayin labule. Tunda inci 102 muke nema, ya shiga har da rara. Abin da za a saya shi ne faɗin labulen kawai, inci 128 a kowace taga, inci 256 a taga biyu. A raba da 36, a sami yadi 7 da 'yan kai, sai a sayi bakwai da rabi. Irin wannan ba shi da haɗi ko ɗaya a jikinsa. Iyakarsa ita ce tsayi: idan an kafa ƙarfe can kusa da silin har daga ƙarfe zuwa ƙasa ya wuce kamar inci 98, kalmasar sama da ƙasa ba za su samu wuri ba, sai dai a rage kalmasar ko a juya yadin a tsaye, lissafin kuma ya sauya.

Mai inci 60 a tsaye ake yanka shi, falle-falle. A raba 128 da 60, a sami biyu da ɗan burbushi. Da yake burbushin kaɗan ne, falle biyu sun ishi taga ɗaya, tattarar ta ɗan ragu amma ido ba zai kama ba. Taga biyu falle huɗu, kowanne inci 102, jimla inci 408, wato yadi 11 da sulusi, sai a sayi sha ɗaya da rabi. Wanda ya so yin labulen da atamfa, faɗin inci 45 sai an haɗa falle uku a kowace taga. Falle shida sau 102 inci 612 ne, yadi 17 cif, kusan turmi uku masu yadi shida-shida.

Wannan ya nuna cewa farashin yadi ɗaya ba ya faɗin gaskiyar tsada. A ce mai inci 60 naira 3,000 ne yadi, mai inci 110 kuma naira 4,000. Na farko zai tashi a kan 34,500, na biyun a kan 30,000. Wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙi, ga shi kuma ɗinkinsa ya fi sauri.

Yadi mai manyan furanni ko zanen da ke maimaita kansa yana da nasa hukunci. Idan aka rufe labule, ana so furen falle na hagu ya zo daidai da na dama, ba ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ba. Don haka kowane falle dole ya fara daga wuri ɗaya a jikin zanen. A auna daga kan fure zuwa inda irinsa ya sake fitowa, a ce inci 24 ne. Inci 102 ya ƙunshi maimaici huɗu da kwata, kuma ba a yankan kwata, sai a cika biyar, kowane falle ya ci inci 120. Falle huɗu inci 480, a ƙara maimaici ɗaya saboda ba a san inda mai shago zai fara yanka ba, ya zama 504, wato yadi 14. Furen kaɗai ya ƙara yadi biyu da rabi. Mai ƙaramin aljihu ya nemi yadi marar zane ko mai ƙananan ɗige-ɗige.

Masu saye a Maraɗi, Damagaram ko Yamai su tuna cewa a can da mita ake awo, kuma mita ta fi yadi da inci uku da 'yan kai. Yadi sha ɗaya da rabi mita goma da rabi ne, yadi bakwai da rabi kuma kusan mita bakwai. A duba kuma da wane gefen tef aka yi awo a gida, na inci ko na santimita, a rubuta a takarda.

Rigar kushin: inda inci ɗaya ke da nauyi

Kushin kujerun falonmu soso ne mai inci 22 faɗi, 22 tsayi, 4 kauri. A zare tsohuwar rigar a auna soson kansa, domin tsohuwar riga ta riga ta saki. Idan soson ya lotsa a tsakiya, a sauya shi tukuna, sabuwar riga a kan soson da ya mutu tattarewa za ta yi komai gwanintar tela. Ana ɗinka rigar daidai da awon soso ba tare da an sakar mata wuri ba, don ta kama shi tsam.

Rigar kushin irin wannan yanki biyar ce. Akwai sama da ƙasa, kowanne inci 23 da 23, saboda an ƙara rabin inci na rarar ɗinki ta kowane gefe. Akwai ɗamarar da ke zagaye gaba da gefuna, faɗinta inci 5. Sai yanki biyu na baya da ke riƙe zif, kowanne faɗinsa inci uku da rabi. Kewayen kushin inci 88 ne. Idan aka tsayar da zif a iya bayan kushin, inci 22, sai an lanƙwasa soso da ƙarfi kafin ya shiga, kuma a nan zif ke fashewa tun wankin farko. Gara zif ɗin ya zagayo kusurwa da inci 5 ta kowane gefe ya zama inci 32. Yankunan zif sai su zama inci 33 a tsayi, ɗamara kuma inci 57.

A shimfiɗa waɗannan a kan yadi mai inci 60. Sama da ƙasa suna zama kafaɗa da kafaɗa, sun ci inci 46 na faɗi da inci 23 na tsayi. Ɗamara ta ci inci 5, yankunan zif biyu sun ci inci 7. Jimla inci 35, wato yadi ɗaya ga kowane kushin. Setin yana da mazauni bakwai, kowanne da kushin zama da na jingina, guda 14 ke nan. Idan duka girmansu ɗaya, yadi 14 ne. Sau da yawa na jingina yakan bambanta da na zama, don haka a auna shi daban.

A kan yadi mai inci 45 kuwa, yanki biyu masu inci 23 suna neman inci 46, saura inci ɗaya su shiga amma ba za su shiga ba. Dole a jera su ɗaya bayan ɗaya, a fitar da ɗamara daga abin da ya rage a gefe, har da haɗi a jikinta. Kowane kushin ya koma yadi ɗaya da sulusi, guda 14 sun kusa yadi 19. Inci ɗayan nan ya jawo ƙarin yadi kusan biyar.

Idan ana son igiyar da ake naɗewa da yadi a bi bakin kushin da ita, wadda ke fito da kusurwa ta kuma kare ɗinki daga gogewa, kowane kushin yana cin kusan yadi 5 na igiya, sama da ƙasa. Yadin naɗe ta a karkace ake yanka shi don ya bi kusurwa ba tare da ya tattare ba, kuma setin gaba ɗaya zai nemi ƙarin kamar yadi biyu.

Ƙananan filon ado sun fi sauƙi. Filo mai inci 18 ana yanka masa inci 19 da 19, gaba da baya. Yanki uku ke shiga faɗin inci 60, layi biyu kuma inci 38 ne, don haka yadi ɗaya da kwata yana ba da filo uku, yadi biyu da kwata ya ba da shida.

Abin da ake dubawa a gaban mai shago

A sayi yadin duka lokaci ɗaya daga bandir ɗaya. Bandir biyu masu zane ɗaya sukan bambanta kaɗan a launi, bambancin da ba a gani a cikin shago sai an rataye su gefe da gefe rana ta haska. A sa a warware yadin a duba ko akwai zaren da ya tsinke ko tabo, a kuma lura da bakin da aka yanka, idan a karkace yake tela zai zubar da 'yan inci kafin ya daidaita shi.

Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, sau da yawa kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. A labule mai inci 90 wannan ya kai kusan inci uku ko fiye, a rigar kushin kuma ya isa ya hana soso komawa. Gwajin mai sauƙi ne: a yanki ƙyalle mai inci 10 da 10, a wanke, a shanya, a sake aunawa, a kuma duba ruwan ko launi ya zuba. Idan ya tsuke, a wanke yadin duka a goge kafin a kai wa tela, a kuma ƙara rabin yadi a kan kowane goma tun wajen saye. Karammiski kuwa gashinsa gefe ɗaya yake kwanciya, idan aka yanka wani yanki a juye zai fito kamar launinsa daban. Tagar da ke kallon yamma tana shan zafin rana, labulenta yana buƙatar shafi a baya don kada ya koɗe, kuma shafin ana yin sa ya gaza labulen da inci ɗaya ko biyu don kada ya leƙo ta ƙasa.

Yadda ake yi wa tela bayani

"Malam, ka dai yi min mai kyau" ba bayani ba ne. Tela zai yi abin da ya saba, wanda ba lallai ya zama abin da ke ran mai kaya ba. A je da takarda kwafi biyu, ɗaya a bar masa, ɗaya a riƙe. A ba kowace taga suna, kamar tagar gabas da tagar ƙofa, ko da ana ganin girmansu ɗaya. A ƙarƙashin kowace a rubuta tsayin ƙarfe, adadin falle, da tsayin labule, a kuma rubuta a fili cewa awon gamawa ne. Wanda ya ce "inci 90" ya yi shiru, yana iya karɓar labule mai inci 78, saboda tela ya yanka 90 ya fitar da kalmasa daga ciki. Akasin haka ma yana faruwa: mai kaya ya ba da 102, tela ya ƙara nasa inci 12 a kai.

A faɗi irin kan labulen, mai zobba ne, ko mai tattara da ƙugiya, ko mai aljihun da ake zura ƙarfe. Idan mai zobba ne a faɗi kaurin ƙarfen, domin zoben da ya matse ƙarfe ba ya ja. Zobban kowane falle su zama takwas ko goma, ba bakwai ko tara ba, don gefuna biyu su juya su kalli bango. A yi alama da alli a bayan yadin inda sama take, musamman mai fure da karammiski. Kushin kuwa a kai wa tela soso ɗaya na zama da ɗaya na jingina, a faɗi tsayin zif da inda zai zauna, a kuma ce a kame bakin yadin ta ciki don kada ya zare a wanki.

Sai a auna yadin a gabansa a rubuta yawansa, a yi magana a kan ƙyallen da zai rage tun yanzu, domin shi ne zai yi maɗaurin labule ko faci nan gaba. A tsayar da kuɗin ɗinki, a fayyace wa zai sayi zif da zobba da igiya, a rubuta kafin alƙalami da ranar karɓa. Mai son kayansa kafin Sallah ko ranar jere ya kai da wuri, aikin da aka yi cikin cunkoso shi ne aka fi samun kuskure a ciki.

Sharaɗi mafi amfani shi ne a ce, "Malam, ka fara ɗinka falle ɗaya da rigar kushin ɗaya, in gwada a gida kafin ka yanka sauran." Telan kirki ba ya jin haushin wannan, domin shi ma yana kare shi. A rataya fallen ya kwana biyu, saboda yadi mai nauyi yakan ɗan sauka. A duba tazararsa da ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, a ja shi a ga ko yana tafiya a jikin ƙarfe. A sa rigar kushin a zauna a kai a tashi: kusurwoyinta su zauna a kan kusurwoyin soso, samanta ya miƙe babu tattara, zif ya rufe ba tare da an yi kokawa da shi ba. Idan an ga gyara a wannan mataki, yadi ɗaya ko uku ne abin ya shafa, sauran yana nan a naɗe ba a sa masa almakashi ba. Idan komai ya yi daidai, sai a ce masa ya ci gaba da sauran a kan wannan awon.